Saƙon da na tura wa 'yan gidanmu kan kuɗin wankin ƙodar Baba

Wata Alhamis ce, a gaban tagar biyan kuɗi ta asibiti, na miƙa katina sau biyu na'ura tana dawo da shi. Baba yana zaune a keken marasa lafiya a bayana, da bututu manne a wuyansa, Auta yana riƙe da jakar magani. Dubu 45 ake nema na wankin ƙoda na ranar, abin da ya rage a asusuna bai kai dubu 20 ba. Na koma gefe na kira Yaya Babba, ya turo a take, amma da maganar da ya saba: “To ki riƙa faɗa da wuri mana.” Wata biyu ke nan muna haka. Duk ranar wanki sai na bi lambobin waya ɗaya bayan ɗaya kamar mai bara, wanda ya ɗauka shi ya biya.

Mu bakwai ne a wajen Baba, ɗaki biyu. Ɗakin Hajiya mu biyar: Yaya Babba da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari, Yayanmu na Abuja, Anti da ke aikin jinya a Saudiyya, ni, sai ƙanwata da ke aure tana ɗan soye-soyen sayarwa a gida. Ɗakin Umma su biyu: ƙanena mai tuƙa adaidaita sahu, da Auta da bai gama makaranta ba. Ni malamar sakandare ce, kuma ni ce gidana ya fi kusa da na Baba. Wanda ya fi kusa shi ake fara kira, shi ne kuma aljihunsa ke fara ƙarewa.

Ciwon suga da hawan jini ne suka cinye wa Baba ƙoda a hankali. Likita ya ce ƙa'ida sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama, amma ya san halin da ake ciki, ya yarda mu fara da biyu, Litinin da Alhamis, da sharaɗin Baba ya kiyaye gishiri da yawan ruwan da yake sha. Ya kuma gaya mana abin da ya sa na daina kallon lamarin a matsayin lalurar 'yan kwanaki: wannan wankin ba ya warkar da ƙoda, aikinta kawai yake yi a madadinta, kuma ba shi da ranar gamawa sai dai in an yi dashe. Gudummawar “ga wannan a rage” tana iya ɗaukar tiyata guda. Ba za ta ɗauki abin da ke dawowa duk bayan kwana uku ba.

A daren Alhamis ɗin nan na rubuta saƙo na farko a gurup ɗinmu na WhatsApp. Allah ya rufa asiri ban tura ba. Na fara shi da “tun da wasu sun manta suna da uba”, na jera abin da na kashe, na ambaci wanda ya sauya mota da wadda ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Duk gaskiya ne. Na karanta wa maigidana, ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni: “Kuɗi kike nema ko haƙuri kike so a ba ki?” Ya ce in na tura wannan, mako guda za a yi ana kare kai, Litinin kuma za ta zo ba a tara ko kwabo ba. Na goge.

Washegari na juye jakar rasit a kan tabarma. Sai a lokacin na gane ni kaina ban san nawa ciwon yake ci a wata ba, ji kawai nake yana ci. Wanki takwas a kan dubu 45 ya kama dubu 360. Allurar da ke taimaka wa jiki ya haɗa jini, wadda masu ciwon ƙoda ke buƙata saboda ƙodar da ta gaza ba ta fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jini, takwas ita ma, dubu 80. Magungunan hawan jini da suga da sauransu dubu 45, gwaje-gwajen wata dubu 25, zirga-zirga dubu 40. Jimla dubu 550. Na ƙara dubu 50 na ko-ta-kwana, domin a wata biyun nan an taɓa ƙara masa jini leda biyu ba shiri. Dubu 600 ke nan. Waɗannan farashin da muka biya ne a lokacin, a inda muke zuwa. Wani wurin ya fi haka, wani bai kai ba.

Daga nan na cire abin da Baba yake da shi na kansa, domin da dukiyar mutum ake fara yi masa magani kafin a waiwayi 'ya'ya. Fanshonsa dubu 60 ne, hayar shagon da ke jikin gida tana kawo abin da in an raba shi wata-wata ya kama dubu 40. Cefanen gida dama Yaya Babba ke ɗauke da shi tun kafin ciwo, na bar wannan a wajen lissafi amma na rubuta shi a gefe don kada a manta. Abin da ya rage a kanmu dubu 500 duk wata. Na tambayi Yayanmu na Abuja ko inshorar lafiyarsa ta ofis za ta rage wani abu, ya ce tsarin ma'aikata yana ɗaukar mutum da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, uba ba ya ciki kai tsaye. Aka rufe wannan ƙofar.

Yadda za a raba dubu 500 ɗin nan shi ya hana ni barci. Hanya mafi sauƙi a raba bakwai, kowa ya kawo kimanin dubu 71 da ɗari huɗu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 dubu 70 ne, ga shi za a ɗora wa ɗalibi da mai suyar awara abin da ya fi shi, yayin da Yaya Babba zai iya fitar da nasa daga cinikin yini ɗaya. Wata gwaggonmu ta ba da shawarar a yi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki dubu 250, wai haka aka saba a biki. Da na buga sai na ga mu biyar za mu biya dubu 50 kowa, su biyun ɗakin Umma, waɗanda su ne mafiya ƙaramin ƙarfi a gidan, dubu 125 kowa. Wannan ba rabo ba ne, hanyar tayar da tsohon kishi ce. Yayanmu na Abuja kuma ya taɓa cewa a waya a bi tsarin gado, namiji biyu mace ɗaya. Maza huɗu mata uku kaso 11 ke nan, Auta zai tashi da kusan dubu 91, Anti da ke karɓar riyal ta tashi da dubu 45.

Na kai wa malamin Islamiyyarmu maganar, ina tsammanin nasiha zai yi mini kan haƙuri. Sai ya ɗauko littafi. Ya ce a mazhabar Malikiyya ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, maza da mata, kuma Muhtasar na Shaihu Halil ya kawo maganganu uku kan yadda ake raba shi a tsakaninsu: bisa kawuna, ko bisa gado, ko bisa wadata. Ya ce masu sharhi sun rinjayar da na ukun. Na yi dariya a gabansa, domin gardamar da muke yi a waya ashe malamai sun riga sun yi ta tun ɗaruruwan shekaru. Ya karanto mini aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ, inda aka ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Ya ƙara da cewa wanda abin hannunsa bai wuce cin yau da gobe na kansa da iyalinsa ba, ba a ɗora masa.

To amma “bisa wadata” a littafi abu ne, a gida wani abu ne daban. Wa zai tambayi yayansa nawa yake samu? Ɗan kasuwa ba shi da takardar albashi, mai albashin kuma ba ya son a gani. Dabarar da na faɗa a kai ita ce ta kaso, irin ta adashi da kowa ya sani: a raba dubu 500 gida ashirin, kowane hannu dubu 25, kowa ya faɗi hannu nawa zai ɗauka. Ba a tambayi kowa samunsa ba, amma dole hannayen su cika ashirin.

Ban tura komai a gurup ba sai da na je Kwari da ƙafata. Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma saura kaɗan na tsallake shi. Ni ta huɗu ce, kuma mace. In saƙo irin wannan ya fito daga gare ni ba da sanin babban gida ba, abin da za a tattauna shi ne wa ya naɗa ni. Na samu Yaya a shago bayan la'asar, na shimfiɗa masa takardar a kan dilar atamfa. Ya daɗe yana kallon jimlar. Ya ce, “Wallahi na ɗauka bai wuce dubu 300 ba.” Shi ma ashe yana jin shi kaɗai ake tatsa, don bai san abin da nake biya a ranakun da ban kira shi ba. Na ce, “Yaya, kai za ka fara ɗauka, abin da ka ɗauka shi zai sa wa sauran ma'auni.” Ya ce shida, bayan cefanen da yake yi. Ya ce in rubuta, in ce da izininsa. Daga nan na biya gidan Baffa, ƙanen Baba, na sanar da shi, don in magana ta yi tsami a san akwai babban da za a kai wa.

Ga abin da na tura, ranar Asabar da hantsi, ba da dare ba lokacin da kowa ya gaji:

“Assalamu alaikum. Yayyena da ƙannena, da fatan an tashi lafiya, ya jikin Baba. Na rubuto ne da izinin Yaya Babba, Baffa ma ya sani. Likita ya tabbatar mana wankin ƙodar Baba zai ci gaba ne, ba na ɗan lokaci ba ne. Na haɗa rasit na wata biyu, abin da ake buƙata duk wata dubu 600 ne, ga hoton lissafin da rasit ɗin a ƙasa. Fanshon Baba da kuɗin shago sun ɗauke dubu 100, saura dubu 500 a kanmu. Kowa a cikinmu ya yi ƙoƙari a wata biyun nan, wani da kuɗi, wani da jiki, Allah ya saka da alheri. Matsalar ita ce ba mu da tsari, sai ranar wanki ake neman kuɗi. Shawarar ita ce a raba shi hannu ashirin, kowane hannu dubu 25, kowa ya ɗauki abin da zai iya biya duk wata ba tare da ya ci bashi ba. Yaya Babba ya ɗauki shida, ni na ɗauki uku. Kwana a asibiti da kai Baba da dawo da shi su ma hannu ne, za a lissafa su. Wanda ya fi son ya faɗa mini ko Yaya a keɓe, ya yi hakan. Muna so a kammala kafin Juma'a, a fara biya daga 28 ga wata. Don Allah kada wannan magana ta je kunnen Baba ko su Hajiya. In akwai kuskure a lissafin a gyara mini.”

Na bi shi da saƙon murya na minti biyu mai faɗin abu ɗaya, saboda ƙanwata ba ta karanta dogon rubutu, kuma murya tana ɗauke da ladabin da rubutu ba ya ɗauka. Abin da na cire daga saƙon ya fi abin da na bari yawa. Ban sa jimlar abin da ni na kashe ba. Ban rubuta hannu nawa nake ganin ya dace da kowa ba, ko da yake a takardata na rubuta da fensir.

Sai shiru. Alama ta nuna duk sun karanta, babu wanda ya ce uffan har magariba, in ban da addu'ar “Allah ya ba Baba lafiya” da hoton hannu biyu a ɗage. Anti ce ta fara, ta ce huɗu, ta kuma nemi a turo mata sakamakon gwajin kowane wata, abin da ya zame mana alheri daga baya don ita ke fassara mana shi. Ƙanwata ta kira ni tana kuka, wai ita ba ta da abin da za ta iya sai hannu ɗaya, kuma ba ta so ta tambayi mijinta. Na ce ɗayan ya isa, kuma dama ba a kan mijinta yake ba, surukai in sun bayar kyauta ce. Ƙanena mai adaidaita ya ce shi dai kuɗi a dunƙule ba ya taruwa a hannunsa. Muka zauna muka yi masa lissafi: dubu 40 aka ware wa zirga-zirga, in shi zai riƙa kai Baba ya dawo da shi, asusu zai ba shi dubu 15 na mai, ragowar dubu 25 ta zama hannunsa. Auta ba a ɗora masa kuɗi ba. Shi ke kwana da Baba, shi ke auna ruwan da ya sha a gora mai lamba, shi ke zaman awa huɗu a bakin ɗakin wanki. Na dage a rubuta sunansa a jerin da aikinsa a gaba, kada wata rana a ce bai ba da komai ba.

Shida, uku, huɗu, ɗaya, ɗaya: sha biyar. Saura biyar, saura mutum ɗaya. Yayanmu na Abuja ya yi kwana uku bai yi magana ba, sannan ya rubuto cewa zai ɗauki biyu, hayar Abuja da kuɗin makarantar yara sun yi masa yawa, kuma me ya sa ba za a sayar da gonar Baba ba. Na rubuta amsa mai zafi na sake gogewa. Baffa ne ya kira shi. Ban san duk abin da suka tattauna ba, amma maganar gona Baffa ya kashe ta da cewa mai gona yana raye da hankalinsa, shi kaɗai ke da ikon sayarwa, kuma in an sayar kuɗin zai ƙare a bar mu da wanki. Yayan ya dawo ya ce huɗu yanzu, biyar daga watan da ya gama biyan haya. Yaya Babba ya toshe gurbin na wata uku. Har yau ina ganin biyar ɗin ba ta fi ƙarfinsa ba tun farko, amma na koyi cewa wanda yake nesa rasit kawai yake gani, bai taɓa ganin Baba yana haki ba.

Akwai bashin dubu 400 da na ci a ƙungiyar adashin malamai lokacin da aka fara kwantar da Baba. Wannan na kawo shi daban, bayan an gama maganar wata-wata, don kada a cakuɗa. Aka amince abin da kowa ya bayar daga aljihunsa a baya ya tafi sadaka, ba a bin kowa, amma abin da aka ranto saboda Baba na kowa ne. Aka raba shi a kan hannayen nan ashirin, dubu 20 kowane hannu, a biya cikin wata huɗu.

Mun buɗe asusu na daban wanda ba a sa komai a ciki sai kuɗin jinya, katin yana hannuna, saƙon shiga da fitar kuɗi yana zuwa wayar Yaya Babba. Duk ranar ɗaya ga wata ina tura hoton shafi guda: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da rasit. Ba na rubuta “wane bai biya ba” a gurup. Wanda ya makara Yaya ke kiransa.

Kuskuren farko nawa ne, ni mai koyar da lissafi. Na ɗauka wata mako huɗu ne. Sau biyu a mako, in an buga da mako 52, wanki 104 ne a shekara, ba 96 ba. Wato a yawancin watanni Litinin da Alhamis tara ne. A wata na biyu wanki na tara da allurarsa da mai suka cinye kuɗin ko-ta-kwana kaf, kuma a makon ne biyu daga cikinmu suka makara da biya. Na yi abin da nake nadama har yanzu: na ce a ɗaga wankin Alhamis zuwa Litinin, Baba ai yana jin sauƙi. Ranar Asabar da dare ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga, ya kasa kwanciya sai a jingine da filo uku, numfashi yana yi masa wuya. Ruwa ne ya taru har ya kai huhu. Muka kwashe shi cikin dare a adaidaitar ƙanena, aka yi wankin gaggawa, aka riƙe shi kwana biyu. Abin da muka kashe ya ninka kuɗin wankin da na so in tsallake kusan sau uku. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta ce da ni, “Hajiya, ko me za ku rage, ban da wannan.”

Na rubuta wa gurup abin da ya faru ba tare da na ɓoye nawa laifin ba, na nemi a mayar da hannu dubu 27. Babu wanda ya yi gardama, Yayanmu na Abuja ne ma ya fara turowa. Muka kuma matso da ranar biya zuwa 25 ga wata, aka yarda asusu ba zai sauka ƙasa da kuɗin wanki biyu ba. Da ya kusa, zan yi magana tun kafin ranar. Anti ta matsa a yi wa Baba aikin haɗa jijiya a hannu, wanda ake kira fistula, domin bututun wuya yana saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Wannan kuɗi ne na sau ɗaya, aka raba shi a kan hannaye kamar bashin. Sai da aka jira kusan wata biyu jijiyar ta nuna kafin a fara amfani da ita.

Maganar ɓoye wa Baba kuwa ba ta yi nisa ba. Wata Litinin muna dawowa, yana jingine a bayan adaidaita da auduga manne a hannu, ya ce da ƙanena ya rage gudu. Ya juyo ya ce, “Uwata, hannu nawa aka ba ki?” Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Na ce wane hannu, Baba. Ya ce kada in raina masa hankali, Umma ta ji Auta yana waya. Na ce uku. Ya yi shiru har muka wuce shatale-talen, sannan ya ce in gaya wa Yaya Babba ya nemo mai hayar gonar bana, a zuba kuɗin a asusun, a sauke wa mai suyar awara nata hannun.